Ramuwar gayya a kasuwar canji: yadda dala 20 ta ja dala 360

Hadiza: Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Yau ina tare da Malam Sani da Yaya Bashir. Yaya Bashir, kai ka ce za ka ba mu labarin wata Juma'a da ba za ka manta ba.

Bashir: Haka ne, Hadiza. Dala 1,000 ce a asusuna. Da safe na sayi EUR/USD, wato yuro da dala, da lot 0.10. Lot shi ne girman cinikin, fif kuma ƙaramin ma'aunin motsin farashi, a wannan girman kowane fif dala ɗaya ke nan. Na sa Stop Loss, wato iyakar da ke rufe cinikin da kanta in asara ta kai can, a tazarar fif 20. Kasuwa ta sauko ta taɓa shi, dala 20 ta tafi. Abin da ya ƙona min rai shi ne, tana fitar da ni sai ta juya ta hau sama, inda na ce za ta je tun farko.

Malam Sani: To, a nan ake kama mutum. Wannan asarar ta farko ba laifi a cikinta. Kashi 2 cikin ɗari ne, kuma ka tsara ta tun kafin ka shiga. Sai me ka yi?

Bashir: Ko minti uku ban yi ba, Malam, na koma da 0.20. A raina na ce in ta ba ni fif 10 kawai, kuɗina sun dawo. Ta sake saukowa fif 20, dala 40 ta bi ta farko.

Hadiza: Akwai alamar shiga da ka gani a karo na biyun?

Bashir: Wallahi babu. Ban ma duba jadawalin farashi da kyau ba, idona na kan jan lambar nan ta asara. Na uku na buɗe 0.50, kowane fif dala biyar, kuma ban sa Stop Loss ba don kada a sake fitar da ni. Na manta Juma'ar farko ce a wata, ranar da Amurka ke fitar da alƙaluman ayyukan yi. Ƙarfe ɗaya da rabi agogon Najeriya rahoton ya fito, kasuwa ta yi ƙasa fif 60. Dala 300. Ina zaune bakin gado, tafin hannuna ya jiƙe da gumi, an kawo abinci har ya huce ban ɗaga murfin ba.

Malam Sani: Ku lura da lissafin. Asarar gaskiya dala 20 ce, sauran 340 duk bin bayanta ne. Garin neman gira aka rasa ido. Kuma yanzu 640 ta rage, kafin ya koma 1,000 sai ya ci ribar kashi 56 cikin ɗari. Da ya tsaya a ta farko, kashi 2 da ɗan ɗoriya ne kawai.

Hadiza: Amma Malam, Yaya Bashir ya san wannan lissafin sarai. Me ke sa mai sani ya aikata?

Malam Sani: Ɗabi'ar ɗan Adam ce. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun yi bayaninta a 1979: zafin asara ya fi daɗin riba mai girma ɗaya da ita, kuma daga baya suka kimanta ya kai kusan ninki biyu. Abin da ya fi shafarmu shi ne kashi na biyu na bincikensu. Mutum in yana cikin riba yakan yi taka-tsantsan, in kuma yana cikin asara sai ya fi yarda ya yi kasada da ya karɓi asarar. Shi ya sa lot ke girma daidai lokacin da ya kamata ya ragu.

Bashir: Ni da na ɗauka mu masu ƙananan asusu ne kawai abin ke kamawa.

Malam Sani: Ina! Ka tuna Nick Leeson, mai yi wa bankin Barings na Birtaniya ciniki. Yana Singafo yana ɓoye asararsa a wani asusu mai lamba 88888. Da aka yi girgizar ƙasa a Kobe ranar 17 ga Janairu 1995, kasuwar hannayen jarin Japan ta faɗi, shi kuwa ya ƙara sayayya don ya mayar. Asarar ta kai fam miliyan 827. Bankin da aka kafa tun 1762 aka sayar da shi fam ɗaya.

Hadiza: To yaya mutum zai gane abin ya taso masa, tun kafin ya danna?

Bashir: Ni babbar alamata ita ce lissafin ya juye. A da ina fara duba kasuwa, sannan in lissafa lot daga tazarar Stop Loss. Ran nan daga asarar na fara: nawa zan sa in dawo da 60? Duk ranar da na ji kalmar "mayarwa" a raina, na san ba ciniki nake ba. Sai kuma in ga na sauka daga jadawalin awa ɗaya zuwa na minti ɗaya, don ina neman abin da zai ba ni hujjar shiga yanzu-yanzu.

Hadiza: Sai dai ni ina da ja a kan dokoki. Wanda ya cire Stop Loss da hannunsa, takarda ce za ta hana shi?

Malam Sani: Kin yi gaskiya, kuma shi ya sa "zan daure" ba doka ba ce. Doka sai tana da lamba, kuma an rubuta ta da safe lokacin da zuciya ke kwance. Tawa ita ce asara biyu a jere ko kashi 3 cikin ɗari na asusu, duk wanda ya riga zuwa, ranar ta ƙare. Lot kuwa ba ya ƙaruwa bayan asara, ko da kasuwa ta yi kyan gani. A asusun Bashir iyakar dala 30 ce. Bayan ta farko saura dala 10 ke nan, ta biyun mai 40 ba ta da hanyar shiga.

Hadiza: Har yanzu shi ne mai tsaron kansa, Malam.

Bashir: Wannan ne na gyara. A manhajar ciniki ta MetaTrader asusu yana da kalmar sirri iri biyu, ta ciniki da kuma ta kallo, wadda suke kira investor password. Da ta biyun za ka ga komai amma ba ka iya buɗe ciniki. Na ba maiɗakina ta cinikin, ni ban ma haddace ta ba. In na kai iyaka sai in fita, in sake shiga da ta kallo, ita kuma ba za ta shigar min da ɗayar ba sai washegari. Wayar ma nakan bar ta a ɗaki in fita masallaci ko shagon abokina.

Hadiza: In kuma kana kallo kasuwa ta yi abin da ka ce, alhali hannunka a ɗaure?

Bashir: Yana faruwa, kuma yana da ciwo ƙwarai. Na rasa ciniki masu kyau ta haka. Amma da na buɗe littafina na ware duk cinikin da na shiga cikin rabin awa bayan asara, na tara su wuri ɗaya, sai na ga mafi yawan kuɗin da na rasa a nan suke. Tun daga nan ban ƙara jayayya da dokar ba.

Malam Sani: Abu ɗaya zan ƙara. Kashegari ma akwai tarko, domin wani yakan kwana da haushin ya tashi da shi. Bayan ranar da na kai iyaka, da rabin lot nake dawowa, sai na yi ciniki uku bisa tsari, ko an ci ko an faɗi, sannan in koma yadda nake.

Hadiza: Yaya Bashir, 360 ɗin ta dawo kuwa?

Bashir: Wata biyar ta ɗauke ni, da 0.05.

Hadiza: Allah Ya ƙara tsarewa. Malam, mun gode. Jama'a, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.