Sharhi: Sayin, kosayin da tanjant, daga ina ake kama bakin zaren?

"Malam, duk lokacin da na haddace sayin da kosayin da tanjant, ina shiga jarrabawa sai su cakuɗe mini. Wane gefe ne a sama, wanne ne a ƙasa? Don Allah a yi mini bayani tun daga tushe."

Jama'a masu saurare, wannan saƙon wani ɗalibi ne, kuma amsarsa ba ta kunne kaɗai ba ce. Mai takarda da fensir da rula a kusa ya jawo su.

Ja layi a kwance, tsawon santimita 4. Daga ƙarshensa na dama, ja wani layin a tsaye cak, santimita 3, yadda bango ke tsayawa a kan daɓe. Sai ka haɗa bakin layin kwance na hagu da kan layin tsaye. Ɗora rula a kan wannan layi na uku da ya karkata. Idan ka yi zanen da kyau, santimita 5 za ka samu. Ga alwatika nan a gabanka, kuma inda layin kwance ya haɗu da na tsaye kusurwa ce mai digiri 90. Yi mata ɗan akwati a lungun don kada ta ɓace maka. Duk abin da za mu faɗa yau ya rataya ne a kan wannan kusurwa. Alwatikar da ba ta da digiri 90, wannan lissafin bai shafe ta kai tsaye ba, tata hanyar daban ce.

To ɗalibi, a ganina ba hadda ce matsalarka ba. Yawancin masu faɗuwa a nan sun riƙe ƙa'idar daram, sunan gefen suke sa wa ba daidai ba. Don haka mu fara raɗa wa gefunan suna.

Na farko ba shi da wuya. Shi ne gefen da ke kallon akwatin digiri 90, wanda littafi ke kira haifotenus. Ya fi kowane gefe tsawo, saboda haka mu ce masa Dogo. A zanenmu shi ne mai santimita 5. Ko an kifa alwatikar, ko an kwantar da ita, Dogo dai Dogo ne.

Sauran biyun su ne masu wayo, domin sunansu ya danganta da inda ka tsaya. Ɗora ɗan yatsanka a kan kusurwar hagu ta ƙasa, inda layin kwance ya haɗu da Dogo. A nan kake tsaye yanzu. Dubi can ƙetare: akwai gefe ɗaya da yatsanka bai taɓa ba sam, wato mai santimita 3. Shi ke fuskantar ka, sai mu kira shi Fuskanta. Gefuna biyu ne suka taɓa yatsan. Ɗaya Dogo ne, ya riga ya samu suna. Wanda ya rage, mai santimita 4, shi ne Maƙwabci. A riƙe wannan tsari: Dogo da fari, Fuskanta na biyu, abin da ya saura Maƙwabci. Masu fara neman Maƙwabci su ne ke ruɗewa, tunda Dogo ma yana jingine da kusurwar, sai su ɗauke shi a matsayin maƙwabci.

Sayin, kosayin da tanjant ba wasu abubuwa ba ne illa rabawa: ka ɗauki tsawon gefe ɗaya ka raba shi da na wani. Sayin shi ne Fuskanta a raba da Dogo. Kosayin shi ne Maƙwabci a raba da Dogo. Tanjant kuma Fuskanta a raba da Maƙwabci. A littattafan Turanci za ka ga an rubuta `SOH CAH TOA`, haruffan farko na sayin, kosayin da tanjant da na sunayen gefunan ke nan a harshensu. Da Hausa ma abin yana zama, kalmomi uku kacal: fada, mudu, fama. A kowace kalma baƙin farko shi ne na sama, baƙi na biyu shi ne na ƙasa. Fada, fa da da, Fuskanta bisa Dogo, sayin ke nan. Mudu, Maƙwabci bisa Dogo, kosayin. Fama, Fuskanta bisa Maƙwabci, tanjant. Shi tanjant babu ruwansa da Dogo, shi ya sa babu da a cikin fama.

Gwada su a zanenka, yatsa na nan a kusurwar hagu. Sayin, 3 a raba da 5, ya ba da 0.6. Kosayin, 4 a raba da 5, ya ba da 0.8. Tanjant, 3 a raba da 4, ya ba da 0.75. Idan kana da ma'aunin kusurwa, auna inda yatsan yake, za ka ga wajen digiri 37.

Yanzu ɗaga yatsan ka kai shi kusurwar sama, wadda take wajen digiri 53. Ba ka goge komai ba, ba ka ƙara komai ba, amma dubi abin da ya faru. Gefen da yatsa bai taɓa ba yanzu shi ne mai santimita 4, ya zama Fuskanta. Mai santimita 3 ya koma Maƙwabci. Sayin ya zama 0.8, kosayin ya zama 0.6, sun yi musaya. Wannan shi ne ramin da ɗalibai suka fi faɗawa: sun saba ganin Fuskanta a tsaye, Maƙwabci a kwance, ranar da mai jarrabawa ya juya zanen ko ya tambayi ɗaya kusurwar, shi ke nan an yi asarar maki. Musayar nan kuwa ba haɗari ba ce. Kusurwoyin biyu idan an haɗa su 90 suke bayarwa, kosayin ɗaya kuma ko da yaushe shi ne sayin ɗayar. Asalin sunan kosayin ma ke nan, sayin kusurwar da ta cike 90.

Wani zai ce, to me ya sa ake ta wannan rabe-raben? Sake zana alwatikar, ka ninka kowane gefe sau biyu: 6, 8 da 10. Fuskanta bisa Dogo yanzu 6 ne a raba da 10, kuma 0.6 ɗin nan dai ya sake fitowa. Ka yi ta da mita maimakon santimita, ka yi ta da girman fili, muddin kusurwar ba ta canza ba, amsar ba za ta motsa ba. Ashe lambar ta kusurwa ce, ba ta girman zane ba. Shi ya sa kalkuleta ke iya gaya maka sayin digiri 30 shi ne 0.5 ba tare da ta ga alwatikarka ba: a kowace alwatika mai digiri 90, gefen da ke fuskantar digiri 30 rabin Dogo ne.

Wani ɗan abin sha'awa kafin mu ci gaba. Masana taurari na Indiya, irin su Aryabhata wanda ya rubuta littafinsa a shekarar 499, suna kiran wannan awo da kalmar da ke nufin tsirkiyar baka. Larabawa suka ari kalmar, daga baya aka riƙa karanta ta jaib, wato buɗin wuyan riga ko aljihu, masu fassara zuwa Latin suka bi wannan ma'ana, daga nan sayin ya fito. Jaib ɗin nan kuwa shi ne ya zama aljihu a bakin Bahaushe.

Mu sa abin a aiki. An jingina tsani mai tsawon mita 5 a bango, ya yi kusurwar digiri 75 tsakaninsa da ƙasa. Ina kan tsanin ya kai a jikin bangon? Zana tukuna. Bango da ƙasa su suka yi digiri 90, don haka tsanin da ke kallon lungun shi ne Dogo. Yatsa a gindin tsani, inda digiri 75 yake. Gefen da bai taɓa yatsa ba shi ne bango, Fuskanta ke nan. Abin da aka ba ka Dogo ne, abin da ake nema Fuskanta. Wace kalma ce ta haɗa fa da da? Fada. Sayin za a yi amfani da shi, kuma haka ake zaɓa kullum: dubi gefen da ka sani da wanda kake nema, ka bar na ukun ya huta. Danna `sin 75` za ka ga kusan 0.966. Ma'ana, tsayin da ake nema kashi 0.966 ne na tsanin. Ninka da 5, ka samu mita 4.83. Idan nisan gindin tsanin daga bango ake so, Maƙwabci da Dogo ne, mudu, kosayin. `cos 75` kusan 0.259 ne, sau 5 ya ba da wajen mita 1.29.

A juya tambayar. Ana son kan tsani ya kai mita 4 a bango, kusurwa dai 75, tsani mai tsawon nawa za a nemo? Har yanzu fada ce, sai dai wanda ake nema yanzu shi ne na ƙasa, Dogo. A nan rabawa ake yi: 4 a raba da 0.966, ya ba da mita 4.14. Wanda hannunsa ya saba da ninkawa zai samu 3.86, kuma ba sai malami ya duba masa ba. Tsanin da bai kai mita 4 ba, ta yaya zai karkata kuma ya taɓo mita 4? Dogo ba ya gaza ɗan'uwansa. Wannan dalilin ne kuma ya sa sayin da kosayin ba sa wuce 1, tunda ƙaramin gefe ake rabawa da babba. Ka raba gefe biyu ka ce sayin ne, ka ga 1.25, to ka kifa rabon, Dogo ya hau sama. Tanjant shi ba a yi masa wannan iyaka ba. A digiri 45 daidai yake da 1, domin Fuskanta da Maƙwabci sun yi kai ɗaya. Daga nan sai hawa, a digiri 75 ya kai kusan 3.73, a digiri 90 kuwa kalkuleta kuskure za ta nuna maka.

Saura kuskuren da ba na kai ba ne, na na'ura. Kalkuleta tana auna kusurwa ta hanya fiye da ɗaya, kuma idan an bar ta a kan radiyan, lissafin tsanin nan na farko zai ba ka wajen 1.94 da alamar ragi a gabansa, tsayin da babu shi a duniya. Kafin ka fara kowane aiki, danna `sin 30`. Idan 0.5 ya fito, kana kan digiri. Idan ka ga `-0.988`, tana kan radiyan, idan kuma `0.454` ne, tana kan wani awon na uku. Duba saman allon, ka mayar da ita inda `DEG` ko `D` zai bayyana, sannan ka sake danna `sin 30` ka tabbatar.

Ga aikin gida, ɗalibi. Zana alwatika mai gefuna 5, 12 da 13, amma ka karkata takardar yadda Dogo zai kwanta a ƙasa. Ɗora yatsa a ƙaramar kusurwa ka fitar da fada, mudu da fama, sannan ka koma ɗaya kusurwar ka sake. A ƙaramar kusurwar, sayin zai fito kusan 0.385. Idan 0.923 ka samu, duba inda yatsanka yake.