Abin da Mai Duba Aikin Titi Zai Rubuta a Rahotonsa

Jama'a, abubuwa uku zan taɓo a kan rahoton ziyarar aiki. Na farko, wuri. Kada ka rubuta "aiki na tafiya daidai". Daidai a ina? Rubuta daga kilomita 4+200, wato kilomita 4 da mita 200, zuwa 4+700, hannun hagu, an shimfiɗa burji, ba a kai ga kwalta ba, yarjejeniya kuma ta ce a wannan watan a kai 5+000. Ka ga saura mita 300 ke nan, kowa ya gani.

Na biyu, kuma nan zan daɗe, ku yi haƙuri: daɓe. Titi daga ƙasa yake mutuwa, kwalta riga ce kawai. Ido ba ya gane daɓe, rola ta bi sau biyu ma sai wuri ya yi sumul. Don haka gwajin yashi ake yi. A haƙa rami mai zurfin shimfiɗar, milimita 150, a auna nauyin burjin da aka kwaso, a cika ramin da yashin da aka san nauyinsa ta mazurari, shi zai ba ka girman ramin, sai ka raba nauyin burjin da girman ramin ka samu matsewarsa.

Na baya, kuna ganin allo? Mu ce ɗakin gwaji ya nuna iyakar matsewar burjin nan busasshe kilo 2,100 ce a mita kubik, da laima kashi 10. A fili ka samu 2,140, da laima kashi 8. Kada ka yi murna, akwai ruwa a ciki! Raba da 1.08 don cire laimar kashi 8 ɗin, ka samu 1,981. Wato kashi 94 cikin ɗari na 2,100 ɗin nan, takardar ƙa'idar aiki kuma ta ce 98. Ya faɗi.

Me ya kayar da shi? Dubi laimar nan, 8 maimakon 10. Tanka ta yi yayyafi da safe, rola ba ta hau ba sai bayan azahar, iskar hunturu ta shanye ruwan. Ko kuma an jibga milimita 300 a tashi ɗaya, sama ya matsu, ƙasa na nan sako-sako. To ka rubuta umarni: gireda ta farfasa, a jiƙa, a sake daɓewa, a sake gwaji, kada a ɗora komai kafin nan. Injiniyan ɗan kwangila ya sa hannu, da kwanan wata. Na sake faɗa, da kwanan wata.

Na uku, gangaren titi, kashi 2.5 daga tsakiya zuwa gefe don ruwa ya sauka, da kwalbati. Na'am, Malam?

Yana tambaya, idan ka iso an riga an zuba kwalta fa? Malam, sai a huda. Akwai injin da ke yanko kwaltar kamar gwangwani, ka auna kaurinta, in takarda ta ce milimita 40 ka samu 32, ka rubuta 32. Burjin da ke ƙasa kuma, tunda an rufe shi ba izini, ka sa a buɗe ramin gwaji, kuma kada ka amince da biyan kuɗin wannan yankin sai sakamako ya fito.