Fodkas: An haɗe kamfani biyu, ta ina ake duba ko sun zama ɗaya?

Hadiza: Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga nan Yamai. Yau ina tare da Malam Abdu, wanda ya daɗe yana aikin binciken lissafin kamfanoni, da Yaya Mariyama da ke kula da harkar ma'aikata. Malam, an sa hannu a takardu, an canza allon ƙofa, kamfani biyu sun koma ɗaya. Me ya rage a duba?

Abdu: Kusan komai, Hadiza. A nan Nijar mun ga haɗin Sonitel da SahelCom a 2016, aka samu Niger Telecom. Ɗaya ya saba da wayar girke, ɗaya da salula. A waje kuma akwai masu ƙera motoci Daimler-Benz da Chrysler, sun haɗe a 1998, a 2007 suka rabu. Ma'aunin da muke aiki da shi shi ne wanda ake kira 7S, na mutanen McKinsey, kamfanin ba da shawara kan gudanarwa. Robert Waterman da Tom Peters da Julien Phillips suka wallafa shi a 1980. Abubuwa bakwai yake dubawa. Uku a rubuce ake samunsu: dabarar kamfani, tsarin wa ke ƙarƙashin wa, da hanyoyin aiki. Huɗu kuwa sai ka zauna da mutane: abin da suka yarda da shi tare, ƙwarewarsu, salon shugabanni, da su kansu ma'aikatan.

Hadiza: To sai a ba kowane ɗaya maki?

Abdu: A'a, nan ake ɓata. Kowane na iya zama da kyau shi kaɗai, amma ya ci karo da ɗan'uwansa. Bakwai in ka gwada su bibbiyu, haɗi 21 ne, ba wanda zai bi su duka daidai wa daida. Ni ina ɗaukar dabarar a jimla guda, sannan in bi odar kaya guda daga bakin mai saye har kuɗi su shiga banki.

Mariyama: Malam, kawo misali, don mutane su gani.

Abdu: Mu ƙaddara kamfani biyu masu sarin shinkafa da mai da sukari. Na Yamai yana sayar wa manyan shaguna, kuɗi hannu, komai cikin na'ura. Na Tawa yana ba 'yan kasuwar mako kaya bashi, a Konni da Madawa da Illela, bisa sanayya. Suka haɗe, dabarar kuma ita ce a faɗaɗa ciniki a kasuwannin jihar Tawa. Yanzu wani ɗan kasuwa a Madawa ya nemi kayan sefa miliyan 2 bashi. A da, shugaban reshen Tawa zai amince nan take, don ya san mutumin, ya san gidansu. A sabon tsari, duk bashin da ya wuce jika 500 sai darektan kuɗi na Yamai ya sa hannu, kuma takardar tana kwana huɗu. Kasuwar mako ba ta jira. Mutumin ya tsallaka wurin wani.

Hadiza: Ashe dabara ta ce a tafi Tawa, tsari kuma ya janye iko zuwa Yamai.

Abdu: Shi ke nan, cin karo na farko. Kuma ba a ganinsa a zanen muƙamai. Sai ka ɗauki odar 30 na ƙarshe, ka rubuta ranar nema da ranar amincewa, ka ƙirga nawa suka mutu a tsakani.

Mariyama: Ni wurin da ya fi damuna shi ne ladan masu talla. A misalin nan, na Yamai ana ba su kaso kan abin da suka sayar, ba laifi tunda kuɗi hannu ne. Na Tawa kuwa sai kuɗi sun dawo ake ba su. Bayan haɗewa aka ce a daidaita, aka ɗauki na Yamai ga kowa, don shi ke cikin na'ura. Me kuke jin zai faru? Yaro zai raba odar miliyan 2 gida huɗu don kada kowace ta wuce jika 500, ya ba wanda ya sani da wanda bai sani ba, ya karɓi ladansa ƙarshen wata. Ba ɓarawo ba ne. Abin da aka biya shi ya yi, shi ya yi.

Hadiza: Yaya, amma ciniki ya ƙaru, shugabanni za su ce haɗin ya yi riba.

Mariyama: Za su ce, wata uku ko huɗu. Malam, yi musu lissafin.

Abdu: Ka raba bashin da ke waje da cinikin wata, ka ninka da 30. Kafin haɗewa, a ce ciniki miliyan 60, bashi miliyan 30: kwana 15 ke nan kuɗi ke yi a waje. Bayan haɗewa ciniki ya kai miliyan 72, bashi miliyan 60: kwana 25. Ciniki ya ƙaru da miliyan 12, amma miliyan 30 ƙari sun maƙale a hannun mutane. Ranar da za a biya mai kawo shinkafa ake gane haka.

Hadiza: To huɗun da ba a rubuce suke ba fa? Ai in ka tambayi ma'aikaci, abin da kake son ji zai faɗa maka.

Mariyama: Shi ya sa ba na tambayar mutum me ya yarda da shi. Ina ba shi lamari: tsohon abokin ciniki ya makara da biya kwana goma saboda rasuwa, yana neman sabon kaya, me za ka yi? Na Yamai zai ce a rufe masa asusu har ya biya. Na Tawa zai ce a je gaisuwa, a ba shi rabin kaya. Kowa na ganin shi ke kare kamfani. In amsoshin sun rabu daidai kan tsohon kamfanin da mutum ya fito, to har yanzu biyu ne. Sai kuma in zauna a taron mako in saurara: wa ke magana, da wane harshe? In taro da Faransanci ake yinsa bisa allo, dattijon da ya san wanda ke biya a kasuwanni goma zai yi shiru har a tashi. Kuma saboda sanin nan nasa aka sayi kamfanin.

Abdu: Wannan ita ce ƙwarewar, kuma ba ta cikin na'ura. Dokar aiki ta ce kwangilar ma'aikata na ci gaba a hannun sabon mai kamfani, amma ba ta hana mutum ajiye aiki ba.

Mariyama: Don haka ba yawan waɗanda suka tafi nake ƙirgawa ba. Ina rubuta sunayen mutum biyar ko shida da in sun tafi abokan ciniki za su bi su, in duba wa ya rage, wa aka maida ƙarƙashin yaron da bai taɓa zuwa Abalak ba. Wata alama kuma: in ka tarar da littafin bashi na hannu a aljihun tebur bayan an kafa na'ura, kada ka yi faɗa tukuna. Tambayi me ke cikinsa da na'urar ba ta da gurbinsa.

Hadiza: Malam, an gano duk wannan. Me za a fara taɓawa?

Abdu: Abin da ake iya canzawa da sa hannu ɗaya. A ɗaga ikon shugaban Tawa zuwa miliyan 2 ga duk wanda ya shekara yana biya kan lokaci, sabon mutum kuma ya tsaya a jika 500. A maida ladan talla kan kuɗin da suka shigo. A haɗa odar mutum guda ta mako cikin lissafi ɗaya, don raba ta ya daina amfani. Salo da yarda ba sa canzawa da takarda, suna bin wanda aka ɗaukaka da wanda aka tsawata wa.

Mariyama: Kuma a sa dattijon nan cikin masu yanke hukuncin bashi, da ƙuri'arsa, ba a matsayin mai ba da shawara ba.

Hadiza: Yaushe za a sake aunawa?

Abdu: Bayan wata uku, da ma'aunan nan dai: kwanakin amincewa, kwanakin bashi, da sunayen da Mariyama ta rubuta. Sai dai a kwatanta da irin watan a bara, don cinikin azumi ko na kaka zai iya rufe matsalar, na bazara kuma ya sa a ga kamar gyaran bai yi ba.

Hadiza: Malam Abdu, Yaya Mariyama, mun gode. Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.