Fodkas ɗin Bakin Shago: "Turo rabi, zan ba direba"

Bash: Jama'a assalamu alaikum, yau ma daga nan Ƙofar Ƙaura, ni da Mamman da Anti Ummi. Maganar wayar nan dai da ta cika mana guruf tun shekaranjiya.

Ummi: Ai ƙanen ƙawata ne. iPhone 11 ya gani a Fesbuk, kuɗin ya yi ƙasa da na kasuwa sosai, mai ita ya ce yana Kano, ya turo rabi zai ba direba a tasha.

Mamman: Bari in canka, soja ne.

Ummi: Wallahi soja ya ce!

Mamman: Kullum soja ne, kullum an yi mai taransifa gobe da asuba zai wuce. Ni ban taɓa jin tela ya ce yana sauri ba.

Bash: Tela ai kai ke sauri, shi ba ya sauri. Ina ɗinkinka na ƙaramar salla?

Mamman: Kai Oga bar tone-tone, har babbar salla ta wuce yana ce min saura aljihu.

Ummi: Aljihu nawa ne a rigar, Malam Mamman?

Mamman: Anti ke ma? To na yafe mai aljihun, ya ba ni haka nan.

Bash: To mu dawo. Shi wannan na "turo rabi" tsohon yayi ne, wanda ya ƙi haɗuwa ya ƙi a tura mai wani naka da ke garin ya gani, magana ta ƙare. Kuma bidiyo ba hujja ba ne, na wani ake saukewa a turo maka. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda za a haɗu ɗin kuma a cuce ka, don mun ga irinsa a bakin shago. Ɗan damfara zai ɗauki hoton wayar wani da ya sa a kasuwa da gaske, ya sake sawa da araha. Sai ya ce wa mai wayar ƙanena zai zo ya duba, ni zan biya. Kai kuma ya ce maka yarona ne ke riƙe da ita, kar ka yi zancen kuɗi da shi, ni za ka tura wa. Ka je, ka ga waya lafiya lau, ka tura kuɗi, shi mai waya ya ce bai ga alat ba kuma gaskiyarsa, ku biyu ku kama kokawa ɗan damfara ko ya kashe layi.

Ummi: Innalillahi. To ya mutum zai gane?

Bash: Tambaya ɗaya Anti, ka kalli mai riƙe da wayar ka ce taka ce? Nawa ka sa mata? In kuɗin da ya faɗa ya saɓa da wanda aka gaya maka, tashi. Kuma lambar akawun daga bakinsa za ka karɓa, in ka sa a af ɗin banki suna zai fito kafin ka tura, ka gwada da katin shaidarsa. In ya ce na matata ne, a kira matar.

Mamman: Ita wayar fa, mi za a duba?

Bash: Ku haɗu da rana a kasuwar 'yan waya, gaban mai gyara, ka ba shi ɗan na goro. Danna *#06#, IMEI zai fito, lamba 15, ka gwada da na jikin kwali ko rasit. A iPhone shiga Settings > General > About, in an sa mata sikirin ko batir da ba na asali ba sau da yawa za ka ga Unknown Part. Amma babba shi ne ya fita daga iCloud ɗinsa da hannunsa, ya goge wayar a gabanka, ka sa sim ɗinka ka kunna har ta shiga. In ta tsaya a Activation Lock, ko ta Andiroyid ta nemi tsohon akawun ɗin Google, kuma ya ce ya manta faswod, kar ka saurari "za a cire maka a Farm Centre". Wataƙila ta sata ce, ranar da aka yi tirakin kai za a zo wa.

Ummi: Shi ya sa a rubuta takarda ko?

Bash: Eh, suna, IMEI, kuɗi, kwanan wata, shaidu su sa hannu. Ga kuma wayoyin bashi na biya-kaɗan-kaɗan, yau lafiya, wanda ya sayar maka ya daina biya ta kulle a hannunka, to ka nemi shaidar ya gama biya. Sai an gama duk wannan kuɗi zai fita, ba kafin alƙalami ba kuɗin mota.

Mamman: Af, motar ma da muka ce za mu taɓa, lambar chasis da takardun kwastam...

Ummi: Ga kiran la'asar can, a bar ta sai mako mai zuwa.

Mamman: In tela ya ba ni rigata da ita zan zo.