Awon Samfurin Zubi: Inda Ake Ƙarawa da Inda Ake Ragewa

Assalamu alaikum jama'a. Zoben da za mu yi misali da shi na alminiyon ne, irin wanda masu injin niƙa a nan Maradi ke kawo wa maƙera in nasu ya cinye. Mai shi yana son faɗinsa na waje milimita 200, ramin tsakiya milimita 80, kauri kuma milimita 50. Wannan awon na bayan an gama aiki ne, wato bayan mai tur, injin feƙe ƙarfe, ya feƙe shi ya yi sumul. Samfurin katakon da za a danna a cikin yashi ba zai zama da wannan awo ba.

Dalili biyu ne. Ƙarfen da aka zuba, bayan ya daskare yana ci gaba da tsukewa har ya huce. Alminiyon yakan rage kamar milimita 13 a kowace mita, wato kashi 1.3 cikin ɗari. Baƙin ƙarfen zubi bai kai haka ba, kamar kashi 1 ne, ƙarfen sitil kuma ya kai wajen kashi 2. Sannan fatar abin da ya fito daga yashi gautsi gare ta, da kaushi da ƙananan ramuka, dole a bar wa mai tur naman da zai ci. A abu mai wannan girman, milimita 3 a kowace fuska ya wadatar.

To mu fara da waje. Wuƙar tur tana cin milimita 3 ta wannan gefe, tana cin 3 ta wancan, saboda haka 6 za a ƙara a kan faɗin, ba 3 ba. Ya zama 206. Wannan shi ne girman da muke son abin ya kasance bayan ya huce, shi za mu ƙara wa rabon tsukewa: 206 × 1.013 = 208.7. Kauri ma haka, tunda sama da ƙasa duk za a feƙe: 50 da 6 ya ba da 56, sai 56 × 1.013 = 56.7. Wasu maƙera sukan bar wa fuskar da ke kallon sama a cikin yashi fiye da 3, kuma suna da gaskiya, don datti da kumfa can suke tasowa.

Yanzu ku natsu, ga inda ake yawan tuntuɓe, ramin tsakiya. In mai tur ya shiga rami, faɗaɗa shi yake yi. Ke nan naman da za a bar masa yana cikin ramin, sai ramin zubi ya fi na ƙarshe ƙanƙanta. A nan ragewa ake yi: 80 a cire 6, saura 74. Wanda ya ƙara ya sa 86 ya riga ya ɓata aikin, tur ba ya mayar da ƙarfen da babu.

Amma rabon tsukewa fa, ko a rami ƙarawa ake yi. Mutum zai zaci in ƙarfe ya tsuke ramin buɗewa zai yi. A'a. Zoben gaba ɗaya yake janyewa zuwa tsakiya, ramin ma ya ragu tare da shi. Don haka 74 × 1.013 = 74.96, mu ce 75. Samfurinmu ya zama 208.7 a waje, 75 a rami, 56.7 a kauri. Fuskar da ba za a feƙe ba, rabon tsukewa kaɗai za ta samu. Ɗan karkacen da ake yi wa gefen samfuri don ya zaro daga yashi ba tare da ya rushe shi ba, a kan wannan awo ake ɗora shi, kada a ci shi daga cikin milimita 3 ɗin nan.

Akwai al'adar da na sani da sauƙi, ɗaukar tsohon zoben a danna shi a yashi a matsayin samfuri. In tukunya ce ko murfi, babu laifi, ba mai auna su. Amma a nan, 200 zai fito wajen 197.4 tun kafin wuƙa ta taɓa shi, ramin kuma kusan 79, nama rabin milimita kacal a kowane gefe. Alamar za ta bayyana a kan tur: a cikin ramin an kai awon da ake so, amma ga tabon baƙar fata mai kaushi da wuƙa ba ta kai gare shi ba. In dole sai da tsohon za a yi, a naɗa masa kwali ko siririn katako a waje da fuskokin biyu, a kuma cike cikin ramin, har awon ya kai lissafin da muka yi.

In kuwa kun ga saman abin ya lotsa, ko kogo a cikin wuri mai kauri, wannan ba laifin awon samfuri ba ne. Tsukewar ruwan ƙarfe ce lokacin daskarewa, maganinta a bar masa mazubi mai kauri a sama wanda zai riƙa ciyar da shi har ya daskare.