Man shafawa: wanne ne na hunturu, wanne ne na damina?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kallo. Ga abubuwa huɗu na jera a kan faranti, zan karkata shi ku ga yadda kowanne zai yi. Na farko yana sheƙi kamar ruwan kuɓewa, shi ne jel. Na biyu fari ne, ga shi nan har ya fara gangarowa kamar kunu mai ruwa-ruwa, shi ne loshan. Na uku ya tsaya inda na ajiye shi kamar kindirmo mai kauri, sunansa kirim. Na huɗu kuwa ko kife farantin na yi ba zai motsa ba, shi ne mai daskararre irin basilin da kowa ya sani. A kasuwar Wudil ko ta Gujungu duk sunansu ɗaya, man shafawa. Amma aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma abin da ya raba su shi ne yawan ruwa da yawan maiƙon da ke cikin kowanne.

Kafin mu zaɓa, sai mun san abin da ke busar da fata. Fatar mutum kullum tana fitar da ruwa a hankali, ko da ba gumi yake yi ba, kamar yadda randar ƙasa take tsattsafowa ta jiki. Idan iska tana da laima, ruwan ba ya saurin tafiya. Idan iska ta bushe, sai ta riƙa zuƙe shi. A nan ƙasar Kano da Jigawa, a tsakiyar hunturu laimar iska da rana takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta kuma takan haura kashi 70. Fata ɗaya ce, amma a shekara tana zama a duniya biyu. Shi ya sa man da ya yi miki daidai a damina yake ba ki kunya a watan Janairu.

Zan ba ku misali da wata ƙanwata da ke aure a wani ƙauye kusa da Ringim. Mijinta ya sayo mata loshan mai ƙamshi daga birni, babbar roba. Da damina ta ji daɗinsa. Da sanyi ya shigo, sai ta ga tana shafawa da safe, kafin azahar ƙafafunta sun yi furu-furu kamar ta shiga toka, ƙwaurinta yana ƙaiƙayi, dunduniya ta fara faso. Ta ce mini, "Yaya, ina jin jabu aka sayar masa." Na karɓi robar na duba. Man lafiyarsa ƙalau. Loshan mafi yawansa ruwa ne, maiƙon cikinsa kaɗan ne. Idan ta shafa, ruwan yakan jiƙa fatar ta yi kyau na ɗan lokaci, sai iskar hunturu ta kwashe shi, ɗan maiƙon da ya rage kuma bai kai ya rufe fatar ba.

Wannan rufewar ita ce aikin basilin. Babu ruwa a cikinsa ko ɗigo, don haka ba ya ƙara wa fata ruwa. Abin da yake yi shi ne ya zama murfi, ya tare ruwan da ke ciki, kuma a duk mayukan da muke samu a kasuwa babu wanda ya kai shi tarewa. A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Mutum zai yi wanka, ya goge jiki ƙaraf, ya zauna a rana ya bushe, sannan ya lafta basilin. Jiki zai yi ƙyalli, amma a ƙarƙashi fatar tana nan a bushe, don an rufe randa bayan ruwan ya ƙare.

Ga abin da na ce wa ƙanwata ta yi. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi-ɗumi, kada ya yi zafin da zai sa fata ta yi ja, domin ruwan zafi sosai yana wanke maiƙon da jiki yake yi da kansa. Ta rage dirza da soso, kuma ta daina wanka da sabulun wanki. Idan ta fito, ta ɗan daddanna jiki da zani maimakon gogewa, kuma kafin minti uku su wuce, tun jikin yana da danshi, ta shafa mai. Loshan ɗin nata ba a zubar ba. Ta fara shafa shi, sannan ta bi ƙwauri da gwiwa da gwiwar hannu da bayan hannu da basilin kaɗan. A kowane ƙwauri kamar ƙwayar gyaɗa biyu ya isa, a murza a tafin hannu ya narke tukuna, a shafa daga sama zuwa ƙasa yadda gashi ya kwanta. Loshan ya kawo ruwa, basilin ya tsare shi. Cikin mako guda ƙaiƙayin ya lafa.

Dunduniya ta fi ɗaukar lokaci. Bayan sallar isha'i, lokacin da an gama alwalar ranar kuma ba sauran wanke-wanke, sai ta jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi kamar minti goma, ta goge kaushi da dutse a hankali, ban da yanka da reza, ta cika fason da basilin, ta sa safa ta kwanta. Idan kaushin ya yi kauri ƙwarai, a kemis akwai kirim na ƙafa mai ɗauke da sinadarin yuriya, wanda yake tausasa matacciyar fata. Ina roƙon manoma su saurare ni a nan: sunan ɗaya ne da takin yuriya na gona, amma wannan an tace shi ne don fata, kada wani ya jiƙa taki ya shafa. Mai ciwon suga kuma, idan fasonsa ya yi zurfi ko yana fitar da ruwa ko jini, asibiti zai je, kuma kada ya riƙa cusa mai a tsakanin yatsun ƙafa, wurin yana son bushewa.

Kirim yana tsakiya. Yana da ruwa, yana kuma da maiƙo fiye da loshan, shi ya sa a hunturu shi kaɗai yakan isa wa mai fatar da ba ta cika bushewa ba, kuma da rana ya fi basilin daɗin sha'ani, don ƙura ba ta manne masa sosai. Duk wanda ya shafa basilin ya hau babur daga Gezawa zuwa Kano a cikin hazo ya san yadda ƙafa take komawa. A ra'ayina, gidan da kuɗinsa bai kai a sayi kala-kala ba, ya sayi kirim marar ƙamshi mai yawa da ƙaramin gwangwanin basilin, sun wadatar.

Man kaɗanya namu fa? Shi ma babu ruwa a cikinsa, don haka ɗan gidan su basilin ne, sai dai yana narkewa da ɗumin jiki kuma yana tausasa fata. Ƙa'idarsa ita ce dai waccan, a shafa a kan danshi. Ina yaba shi ƙwarai a lokacin sanyi, in dai mai tsabta ne kuma bai yi warin tsufa ba.

Yanzu mu juya shekara. Da damina ta sauka, ƙanwata ta ci gaba da basilin, tunda ya yi mata rana. Sai ƙananan ƙuraje suka feso mata a wuya da baya da ƙarƙashin mama, suna tsikari kamar ƙaiƙayin gero. Jaririnta ma da take shafa wa har wuya ya fi ta shan wahala. Ƙurajen zafi ke nan. A damina iska cike take da laima, gumi ba ya saurin bushewa, sai mai kauri ya zo ya taimaka wajen toshe hanyoyin gumin. Murfin da ya cece ta a hunturu shi ne ya takura ta a Agusta. Wannan shi ne lokacin loshan, siriri, a inda ake jin bushewa kaɗai. Wuyan jariri da hammatarsa da matsematsinsa kuma a bar su su sha iska.

Jel ma na wannan lokacin ne. Kusan dukkansa ruwa ne da sinadarai masu janyo ruwa irin gilisarin, maiƙo kaɗan ne ko babu. Ya dace da matashi ko budurwa mai fuskar da ke naso da fesowar ƙuraje. Amma a hunturu jel shi kaɗai ba ya riƙe komai, kuma wasu suna da sinadarin da ke sa raɗaɗi a fatar da ta tsage.

Kada kalanda kaɗai ta yanke muku hukunci. Bazara, wajen Maris da Afrilu, akwai zafi amma iska a bushe take har sai hadari ya fara haɗowa, don haka ƙafa tana iya son kirim alhali gadon bayan mutum ba ya son komai. Mai dashen shinkafa a Kura ko a fadamar Hadejia, wanda ke yini cikin ruwa, hannunsa yakan tsage ko a tsakiyar damina, saboda jiƙewa da bushewa a kai a kai suna cinye maiƙon fata. Shi basilin zai sa a hannu da dare. Gwajin mai sauƙi ne. Awa biyu bayan shafawa, ka ja farce a hankali a ƙwaurinka. Idan farin layi ya fito, man ya yi maka rashin kauri. Idan kuma jiki yana danƙo, riga tana mannewa, ya yi yawa ko ya yi kauri.

Abu biyu nake so ku kiyaye, don na ga illarsu. Wasu kirim na cikin ɗan bututu da ake haɗawa da man shafawa don jiki ya yi haske magunguna ne masu ƙarfi, ba man shafawa ba. Suna sirantar da fata, su kawo nankarwa, su sa makero da kyasbi su bazu. Idan ƙaiƙayi ya yi zobe ko yana ta faɗaɗa duk da shafa mai, a nuna wa ma'aikacin lafiya.

Na biyun shi ne wuta. Zani da safa da bargon da suka sha basilin ko wani mai suna kamawa da sauri fiye da yadda ake zato, kuma wanki ba ya fitar da maiƙon duka. A hunturu ne muka fi lafta mai, a hunturu ne kuma muke kewaye murhu da kaskon garwashi muna jin ɗumi. Idan kin shafa wa yaro mai da dare, ki ja shi baya daga wuta, safar ƙafar nan kuma a sa ta sai an hau gado.