Ka Sayar da Motarka? Ga Yadda Ake Rubuta Wasiƙar Soke Inshora a Dawo Maka da Sauran Kuɗinka

Assalamu alaikum. Idan ka biya kuɗin inshorar mota na shekara guda, sai ka sayar da motar bayan wata huɗu, akwai kuɗinka na sauran watannin a hannun kamfani. Kamfanin bai san ka sayar ba, kuma kiran waya ga wakilin da ya yi maka takardu ba ya soke yarjejeniya. A rubuce ake sanar da su.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Wani mutum yana da mota ta naira miliyan shida. Ya yi mata cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa da haɗari da gobara da sata. A Najeriya, tun watan Janairun 2023, hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ce kuɗin irin wannan kada ya gaza kashi biyar cikin ɗari na darajar mota. Don haka ya biya naira dubu 300, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba. A watan Afrilu ya samu mai saye.

Kafin ya rubuta komai, sai ya ɗauko takardar yarjejeniyar, ya nemi sashen da aka sa wa suna "Cancellation". Abubuwa biyu zai duba a nan. Na farko, sanarwar kwana nawa kamfani yake so kafin sokewar ta fara aiki. A takardun inshorar mota da yawa kwana bakwai ne, amma abin da taka ta ce shi za a bi. Na biyu, da wane irin lissafi za a mayar da kuɗi.

Nan ne mutane suka fi jin takaici, don haka bari mu ɗan tsaya. Lissafi iri biyu ne. Akwai na kwana-kwana: a raba kuɗin shekara gida 365, a cire kwanakin da ka ci, a ba ka saura. Mutuminmu zai soke ranar 30 ga Afrilu, ya ci kwana 120 ke nan, saura 245. Da wannan lissafin zai karɓi kusan naira dubu 201. Sai dai galibi ana yin wannan ne idan kamfanin ne ya soke da kansa.

Idan kai ka nemi sokewa, yawanci jadawalin gajeren wa'adi ake amfani da shi, wanda a cikinsa watannin farko sun fi tsada. Dalilinsu shi ne sun riga sun biya la'adar dillali da kuɗin aikin takardu tun ranar farko, bisa zaton za ka cika shekara. A ce jadawalin kamfaninsa ya ce wanda ya ci wata huɗu za a riƙe masa kashi 60. Za su riƙe dubu 180, su ba shi dubu 120. Ka ga an samu bambancin sama da dubu 80. Kowane kamfani da jadawalinsa, kuma idan shekara ta yi nisa kana iya tarar da ba abin da ya rage. Akwai kuma sharaɗin da kusan ko'ina za ka gani: idan ka riga ka nemi diyya a cikin wannan shekarar, ba za a mayar maka da komai ba.

To, yanzu wasiƙar. A sama ka sa sunanka kamar yadda yake a takardar inshora, da adireshi da lambar waya da kwanan wata. Kanun wasiƙar ya ɗauki lambar yarjejeniyar da lambar motar, don da su ma'aikaci zai nemo fayil ɗinka. Cikinta, ko da Turanci za ka rubuta, ga abin da za ta ƙunsa:

"Ina sanar da ku cewa ina so a soke wannan inshora daga ƙarfe 12 na daren 30 ga Afrilu, saboda na sayar da motar. Ban nemi wata diyya ba a wannan shekarar, kuma babu wani haɗari da ya faru da ban sanar ba. Ina neman a mayar mini da kuɗin ragowar wa'adin kamar yadda sashen sokewa ya tanada, a asusun banki mai sunana da na rubuta a ƙasa. Ku aiko mini da takardar tabbatar da sokewar, tare da bayanin yadda kuka yi lissafin."

Sai sa hannu. Ka haɗa da kwafin takardar cinikin motar, da rasidin biyan kuɗin inshora, ka kuma mayar da satifiket ɗin inshorar, domin kamfanoni da yawa ba sa biya sai ya dawo hannunsu.

Ranar da ka rubuta ita ce ginshiƙin wasiƙar. Kada ka ce "nan take" ko "da zarar kun samu", domin ka bar wa kamfani zaɓin rana ke nan. Idan sanarwar kwana bakwai ce kuma kana son 30 ga Afrilu, wasiƙar ta isa gare su kafin 23 ga wata. Da jadawalin gajeren wa'adi, kwana ɗaya kacal da ya tsallaka zuwa 1 ga Mayu yana iya jefa ka layin wata biyar, a ƙara riƙe maka wani kaso. Kada kuma ka sa ranar da ta riga ranar miƙa mukulli. Matuƙar motar tana hannunka tana hawa titi, doka ta wajabta a ce tana da aƙalla inshorar kare wanda aka yi wa ɓarna, kuma in wani abu ya faru a wannan tazarar, daga aljihunka za ka biya. Wanda ya sayar tun Afrilu bai rubuta ba sai Yuli, kada ya sa ran za a koma masa baya, sai dai ya roƙa da takardar ciniki a hannu.

Shawarata ga wanda zai sayi wata motar nan kusa: ya tambayi kamfani ko za su mayar da ragowar inshorar kan sabuwar motar. Sau da yawa wannan ya fi sokewa riba, tunda ba a yi maka yankan gajeren wa'adi.

Wajen kai wasiƙa, ka tafi da kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa mai kwanan wata a kan naka. Idan ta imel ka aika, ka ajiye saƙon. Idan ta hannun dillali ka yi inshorar, ka ba shi kwafi, amma ka tabbata ta isa kamfanin. In kuwa kana biya ne wata-wata ta banki, ka dakatar da umarnin cire kuɗin bayan takardar tabbatarwa ta zo.

Idan kuɗi ya shigo, ka gwada shi da jadawalin da ke cikin takardarka. In bai yi daidai ba, ko an yi maka shiru, ka sake rubutawa sashen ƙorafi na kamfanin tare da kwafin mai hatimi. In abin ya ci tura, NAICOM tana karɓar ƙorafin masu inshora, kuma waɗannan takardun su za ka gabatar mata.